Layi nawa anka ba ka?

A shekarata ta biyu da fara aikin odita aka tura mu wani kamfanin dillancin taki da shinkafa a nan Sakkwato, mai rassa a Illela da Tambuwal. A da, bauca sittin muke tsamowa daga biyan kuɗin shekara, mu bi su da rasit. Wannan karon na ce a ba ni fayil ɗin biyan kuɗin gaba ɗaya, in sa kwamfuta ta bi kowane layi.

Mai kula da kwamfutocinsu ya turo, na buɗe a Excel, ban tsaya wata-wata ba na shiga neman biyan da aka maimaita: mutum ɗaya, rana ɗaya, kuɗi ɗaya.

```
=COUNTIFS(B:B,B2,D:D,D2,E:E,E2)
```

Kwamfutar ta yi ta nishi, ga zafin watan Afrilu, daga ƙarshe ta nuna layuka 412 da lissafinsu ya haura ɗaya. Na ɗauka da murna na kai wa ogana, dattijon da ya fi shekara ashirin yana wannan aiki. Ko takardar bai duba ba.

"Layi nawa anka ba ka?"

Na ce, "Yallaɓai, 65,535, ban da layin kai."

Ya yi murmushi ya ce in je in tara kuɗin in gwada da leja. Fayil ɗina ya ba da naira biliyan 2.87, leja tana cewa biliyan 3.41. Na gangara layin ƙarshe, sai ga kwanan wata ya tsaya a tsakiyar Oktoba. Ashe an fitar da fayil ɗin ne a tsohon tsarin .xls, wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, shi kuwa .xlsx yana kai wa 1,048,576. Manhajar kamfanin ta cika abin da ya samu wuri, ta yar da sauran ba ko gargaɗi. Lokacin kaka, da motoci suka fi zirga-zirga, duk yana cikin abin da aka yanke. Bauca sittin ɗin da nake rainawa ma sun fi wannan, don su daga Janairu har Disamba ake tsamo su.

Washegari na ja kujera na zauna kusa da mai kwamfutar, aka sake fitarwa a tsarin .csv a gabana, ina kallon kwanakin da ya zaɓa da rassan da ya sa. Layi 78,240. Jimilla ta yi daidai da leja. Na tara wata-wata da reshe-reshe, domin rara a Illela tana iya rufe giɓi a Tambuwal, jimillar shekara ta fito fes. Na kuma jera lambobin bauca in ga ko akwai tsallake.

Sai wani tarkon. Na gwada lambobin asusun bankin waɗanda aka biya da na ma'aikata, ko ɗaya bai haɗu ba, har na fara rubuta cewa babu matsala. Lambar asusu ta NUBAN lambobi goma ce, da yawa kuma da sifili suke farawa. In aka buɗe fayil ɗin .csv kai tsaye, Excel yana ɗaukarsu a matsayin adadi, ya cinye sifilin farko.

```
=LEN(C2)
```

Wannan ya nuna min dubban layuka masu lamba tara ko takwas. Na sake shigo da jerin a matsayin rubutu, sai asusu biyu suka haɗu. Ɗaya kuɗin tafiya ne aka zuba a gurbin da ba nasa ba, ɗayan ya shiga rahoto.

Da na koma kan biyan da aka maimaita, layukan sun zama 530. A nan na gane kwamfuta nuni kawai take yi. Direban da ya yi sawu biyu zuwa Illela a rana ɗaya, kuɗin dako ɗaya za a biya shi sau biyu, kuma halal ne. Wasu kuma banki ne ya dawo da kuɗin aka sake turawa. Na ƙara lambar takardar dakon kaya cikin sharuɗɗan, na cire waɗanda aka soke, suka ragu zuwa biya 23. Su muka shiga sito muka zaro baucarsu da hannu, ƙura har cikin hanci. Tara an biya su sau biyu da gaske, bakwai a cikinsu a Nuwamba da Disamba.

Akwai abin da fayil ɗin bai iya gaya min ba. Motar da ba ta taɓa tashi ba, in an yi mata takarda mai lamba sabuwa, layinta lafiya lau zai fito. Don haka oga ya ba ni kuɗin mota ya ce gobe in je Illela in karɓo littafin maigadin ƙofa, mu gwada lambobin motocin da suka shiga da waɗanda aka biya.