Iskar da ke kashe saifon, da kuɗin aikina da aka yanke

Na bar hannun Oga a ƙarshen watan jiya, kuma mun rabu lafiya. Sana'ar famfo a wurinsa na koya, ba zan taɓa musun wannan ba. Amma maganar tankin kifin nan na Hotoro har yau ba ta bar raina ba, kuma ina so yaran da suka rage a shagon su san abin da ya faru.

Tankin siminti ne na tarwaɗa, mafitar ƙasansa ta toshe, ruwa ya fara wari. Muka ce a zuƙe shi da tiyo ba tare da inji ba, wato saifon, a tsallaka katanga zuwa kwatar waje. Daga fuskar ruwa zuwa kan katangar bai kai mita 2 ba, bakin tiyon kuwa a cikin kwata ya yi ƙasa da fuskar ruwan da kusan mita 1 da rabi. Tiyo ɗaya bai isa ba, sai Oga ya ce a haɗa biyu a ɗaure da robar taya. Mahaɗin ya faɗo daidai kan katanga. Na ce, "Oga, da mun matsar da mahaɗin nan ƙasa." Ya ce in yi abin da aka sa ni, ya hau babur ya tafi.

Ga yadda saifon yake aiki. In tiyo ya cika taf, ruwan da ke ɓangaren gangara ya fi na ɓangaren hawa tsawo, don haka yana rinjaya ya sauka. Saukarsa tana rage matsi a ƙololuwa, sai iskar sararin da ke danne fuskar ruwan tanki ta turo wani ruwan ya hau ya cike gurbin. Ƙarfin gudun ya dogara ne da tazarar da ke tsakanin fuskar ruwa da bakin fita. Shi ya sa masu zuƙo fetur suke ajiye jarka a ƙasa.

Tunda iskar sarari ce ke turowa, hawan yana da iyaka. A bakin teku tana iya ɗaga ruwa mita 10.3. Kano tana sama da teku da kusan mita 480, iskarmu ta ɗan fi sauƙi, iyakar ba ta cika mita 10 ba. Ruwa mai ɗumi yana ƙara rage ta, domin in matsi ya yi ƙasa sosai yakan fara zama tururi tun bai yi zafi ba. A aikace, ni ba na yarda da abin da ya wuce mita 7. Katangarmu ko kusa da nan ba ta kai ba, don haka tsayi ba shi da laifi.

Laifin na mahaɗin ne. Matsin da ke cikin tiyo a ƙololuwa bai kai na waje ba, saboda haka in akwai kafa a wurin, ruwa ba zai ɗigo ba, iska ce za ta riƙa shiga. Tiyon irin wanda ake ganin cikinsa ne, ina kallon ƙananan kumfa suna fitowa daga ƙarƙashin robar. Da farko gudun ruwa yana kwashe su. Da ruwan tanki ya sauka mita 1, tazarar ta koma rabin mita kacal, gudu ya yi sanyi, kumfan suka daina tafiya. Suka taru suka zama aljihu guda a sama, ruwa na bi ta ƙarƙashinsa siriri. Aljihun ya miƙe zuwa ɓangaren gangara, ya cinye wurin ruwan da nauyinsa ke ja. Da ya ci abin da ya kai rabin mitar nan, rinjaye ya ƙare. Na ji ƙul-ƙul, ruwan ya rabu biyu, rabi ya koma tanki, rabi ya zube kwata.

Na sake cikawa, ya sake tsayawa. Kafin magariba kifi sun fara juya ciki.

Da Alhaji mai tankin ya kira shi, Oga ya zo ya shafa robar ya nuna masa tafin hannunsa. "Alhaji, ka gani, a bushe yake. Yaron ne bai iya cika tiyo ba." Ban tanka ba, don ba a yi mini tarbiyyar musu da babba a gaban baƙo ba. Kuɗin kifin daga aljihuna aka cire su.

Washegari na aro tiyo guda mara mahaɗi, ɗan siriri don ruwa ya yi sauri ya kwashe kumfa. Na nutsar da bakin shiga can ƙasa da dutse don kada ya shaƙi iska, bakin fita kuma na sa shi cikin bokiti mai ruwa a ƙasan kwata don kada iska ta hauro ta baya. Ruwa ya tafi har ya kusa daidaita da bakin bokitin, ragowar muka kwashe da hannu.

Tiyo mai laushi yana lotsewa a ƙololuwa, a nemi mai waya a jiki. In fayif ne babba, a sa bawul a sama don cikawa da fitar da iska, a rufe shi ruf kafin a buɗe ƙasa. In kuma dole sai an yi mahaɗi, a sa shi can ƙasa kusa da bakin fita, a matse da kilif.