Saƙon rashin lafiya da na tura wa mai kula da ni lokacin SIWES

A wata na uku na SIWES, wato horon aiki da ɗalibai ke zuwa yi a ma'aikatu, a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin ruwan roba, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni ranar Talata. Ran Litinin da ƙarfe 10 na safe na saka faranti shida na gwajin ƙwayoyin cuta a inkubeta, na'urar da ke riƙe ɗumi don ƙwayoyin su yaɗu, a zafin digiri 35, kuma ana karanta su ne bayan awa 24. In suka wuce lokaci, ɗigon ƙwayoyin kan bazu su haɗe, ƙirga ta lalace, ruwan da aka ɗebi samfurinsa ya ci gaba da zama a sito har a sake gwaji.

Kafin in rubuta komai sai da na kira ɗayan ɗalibin da muke aiki tare, na ji amincewarsa da bakinsa. Ƙarfe 6:40 na tura wannan ta WhatsApp:

"Assalamu alaikum, ranki ya daɗe. Na tashi da zazzaɓi, ba zan iya zuwa yau Talata ba, zan je asibiti da safen nan. Aiki na gaggawa guda ne: faranti shida da ke saman inkubeta, a karanta su ƙarfe 10. Lambobinsu na shafin jiya na rajistar samfur. Abokin aikina ya yarda zai ƙirga, idan kin amince, sai ki duba ki sa hannu. Rahoton mako zai iya jira har Juma'a. Zan sanar da ke abin da likita ya ce kafin ƙarfe 2."

"Idan kin amince" ɗin nan ba ladabi ba ne kawai. Ɗalibi ba ya da hurumin miƙa aikin kamfani ga wani ɗalibi, kuma sa hannun sakamako na ma'aikaci ne. Ban lissafa mata ciwon kai da amai ba. Abin da take buƙata shi ne sunan aikin, inda yake, da lokacinsa.

Kuskure biyu na yi. Makullin durowar da rajistar ke ciki yana aljihuna, sai da ƙanena ya hau acaɓa ya kai. Sannan na rubuta "yau" kaɗai, alhali maganin zazzaɓin na kwana uku ne, jiki kuma bai saki ba sai Alhamis. Da na dawo daga asibiti na gyara: na faɗi ranar dawowa, na haɗa da hoton takardar hutun likita.

A logbuk kuwa, wato littafin da ɗalibi ke rubuta aikinsa na kowace rana, kwanakin biyu na rubuta "hutun rashin lafiya", ban cike su da aikin da ban yi ba, domin ita ke sa hannu duk ƙarshen mako, malamin da makaranta ta turo kuma yana iya gwada shi da rajistar zuwa aiki.