Ginin bulon da ya ƙi zama kankare

'Yan'uwa masu koyo, ga inda na kai da aikin nan na sauya fuskar bango ba tare da gini ya motsa ba, a Stable Diffusion, manhajar ƙirƙirar hoto, tare da ControlNet, wanda ke riƙe siffar hoton asali. Hoton bene ne mai hawa uku na jan bulo, ina so ya koma kankare sumul, amma taga da baranda su tsaya daram a inda suke.

Na fara da taswirar zurfi ita kaɗai, wato `control_v11f1p_sd15_depth`, da `Control Weight` a 1.0. Wannan taswira nisa kawai ta sani: abin da ke kusa fari, na nesa baƙi. Jikin ginin ya tsaya, barandar ma haka, don ta fito waje sosai. Tagogin ne suka watse. Kusan shafe suke da bango, launin tokarsu ɗaya da shi, sai wata ta faɗaɗa, wata ta ɓace gaba ɗaya.

Shi ya sa na ƙara `Canny` a matsayin na biyu. Tagogi suka dawo, amma bulo ya biyo su. `Canny` bai san taga ba, bai san bulo ba, duk inda haske ya sauya farat ɗaya sai ya ja layi. A saitinsa na asali, 100 da 200, ya kwashe layukan simintin da ke tsakanin bulo kaf, sai kankaren ya fito da tsage-tsage kamar an shafa wa bulon toka ne kawai. Ku riƙa duba hoton layukan kafin ku danna `Generate`. In kuna iya ƙirga bulo a cikinsa, to za ku ƙirga shi a sakamako, komai kuka rubuta a umarni.

Gyara biyu na yi. Na ɗaga `Low Threshold` zuwa 150, `High Threshold` zuwa 250, har layukan bulo suka mutu, aka bar gefen taga da na rufi. 'Yan guntayen da suka yi taurin kai na shafe su da baƙi da hannu. Sannan na sauke nauyin `Canny` zuwa 0.6, na sa `Ending Control Step` a 0.5, wato ya daina aiki a rabin matakan zana hoton. A matakan farko ake kafa siffa, a na ƙarshe ake saƙa laushi ko kaushin bango, don haka layi ya gama aikinsa ya sakar wa kankare fili. Zurfi kuwa na bar shi har ƙarshe.

Wasu sun fi son `MLSD` saboda miƙaƙƙun layi kaɗai yake gani. Yana da kyau, sai dai ƙofar ginin nan mai baka ce, ya zubar da bakan.

A `img2img`, inda ake farawa daga hoton asali, jan bulon ya yi ta tsatsowa cikin kankare har sai da `Denoising strength` ya wuce 0.8, don haka na koma `txt2img`, inda ake farawa daga rubutaccen umarni. Na kulle `Seed`, yanzu zan gwada katako, inda nake sa ran Stable Diffusion zai ƙirƙiro layukan allo da kansa.