Kafin ka biya kuɗin waya hannu na biyu

Jiya na raka ƙanena kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai sayi wata Samsung hannu na biyu. Wayar fes, farashin kuma har da ragi. Kafin a ƙirga kuɗi na ce a miƙo min ita, na danna *#06#. Lambobin IMEI, wato lambar shaidar waya, guda biyu suka fito, kowace mai lamba 15, tunda layi biyu take ɗauka. Na shiga Settings, About phone, suka yi daidai. Da na duba kwalin, sai ga lamba daban.

Mai kayan ya ce, "Yallaɓai, kwali ne aka musanya a shago." Zai yiwu. To ina rasit mai ɗauke da lambar? Babu. Nan cinikin ya mutu.

Ko da lambobin sun dace, ni ban tsayawa nan. Ina saka lambar a imei.info in ga ko samfurin da zai nuna shi ne a hannuna. Idan kana riƙe da Samsung shafin ya ce Tecno, an sauya lambar, ajiye musu kayansu. Sannan a duba blacklist, wato jerin wayoyin da aka toshe, musamman wayoyin da aka shigo da su daga Turai ko Amurka, don can kamfanonin layi na toshe wadda aka kai rahoton sace ta.

Amma fa "clean", wato ba ta cikin blacklist, ba shaidar halal ba ce. Wayar da aka fizge a Kano shekaranjiya, mai ita bai kai rahoto ba, "clean" za ta fito. Shi ya sa nake sa layina in yi kira, in sa mai sayarwa ya cire asusunsa na Google a gabana, ya rubuta IMEI a rasit da sunansa.