Ƙololuwa ta kuɓuce mini saboda `- 1` guda

Jiya da daddare, wajen ƙarfe sha ɗaya, lambar Python ɗin nan ta neman ƙololuwa a jerin lambobi ta yi aiki, bayan ta cinye mini kwana biyu. Ba wuta a unguwarmu ta Ƙofar Ƙaura tun shekaranjiya, sau biyu ina kai laftof shagon caji, naira ɗari uku-uku. Ɗari shida kenan a kan layi ɗaya. Ya yi mini ciwo, wallahi.

Tambayar kun san ta: jerin lambobi a hargitse, a nemo gurbin da lambarsa ta fi ta hagu da ta dama, ba tare da an bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Da farko na ƙi yarda binciken raba-biyu, wato a duba tsakiyar jeri a watsar da rabi ɗaya a kowane zagaye, zai ci a nan, tunda jerin ba a tsare yake ba. Abin da ya zaunar mini da shi shi ne tunanin mutum a kan tudu ranar da hazo ya sauko, ba ya ganin komai sai taku ɗaya a gabansa. In gaban hawa ne, ya ci gaba: ko dai hawan ya ƙare a fara gangara, ko ya kai bakin jerin yana hawa. Ko wanne ya faru, akwai ƙololuwa a wannan ɓangaren, domin ana ɗaukar wajen jerin a matsayin rami marar iyaka.

Ga abin da ya yi aiki a ƙarshe:

```python
def kololuwa(a):
    lo, hi = 0, len(a) - 1
    while lo < hi:
        mid = (lo + hi) // 2
        if a[mid] < a[mid + 1]:
            lo = mid + 1
        else:
            hi = mid
    return lo
```

Ni kuwa da `hi = mid - 1` na fara, don hannuna ya saba da shi daga neman lamba a jerin da aka tsara. Na gwada da `[3, 8, 5, 4, 6, 9, 2]`, sai ta ba ni gurbi na 4, wato 6, tunda daga sifili ake fara ƙirga gurbi. Shida kuma tana zaune kusa da tara! Babu saƙon kuskure, babu komai, amsa ce kawai ta ƙarya.

Sai da na ɗauko biro da takarda. Zagayen farko tsakiya gurbi na 3 ne, 4 ba ta kai 6 ba, `lo` ya koma 4. Lafiya lau. Zagaye na biyu tsakiya gurbi na 5, wato 9, ta fi 2, sai a koma hagu. A nan ɓarnar take. Tara ɗin ita ce ƙololuwar, ni kuma da hannuna na jefar da ita da na rage ɗaya. In `a[mid]` ta fi ta damanta, rabin sharaɗin ƙololuwa ta riga ta cika, ba a kore ta ba tukuna, dole ta zauna cikin waɗanda ake dubawa. In kuwa ba ta kai ta daman ba, magana ta ƙare, ba za ta taɓa zama ƙololuwa ba, tsallake ta halal ne. Shi ya sa ɓangarorin biyu ba sa kama da juna.

Son su yi kama ne ya jefa ni rami na biyu. Na ce to, bari in cire ɗayan a duka biyun, na sa `lo = mid`. Laftof ta ɗau zafi, fanka na kuka, cajin da na biya yana zuba. Da `lo` ya kai 4, `hi` ya kai 5, rabawa tana gangarowa ƙasa, tsakiya ta sake zama 4, `lo` bai motsa ba, haka har abada. In kun ga shirinku ya tsaya cak, ku buga `lo` da `hi` a kowane zagaye, za ku ga lambobi biyu makwabta suna ta maimaituwa. Wannan gangarowar kuma ita ce ke tsare `a[mid + 1]` daga faɗawa wajen jeri, muddin sharaɗin `lo < hi` ne.

Wani abokin karatuna ya mai da 8 ɗin 20, ya turo mini cewa, “Malam, lambarka ta yi ƙarya, 9 ta bayar.” Ba ta yi ba. Ƙololuwa aka ce, ba a ce wadda ta fi kowa ba. Mafi girma a jerin hargitse sai an leƙa kowane gurbi, wannan kuwa zagaye wajen 20 ya ishe ta a jeri mai lamba miliyan ɗaya.

Inda na tsaya yanzu shi ne makwabta masu daidai da juna. Na ba ta `[1, 2, 2, 2, 3]`, ta mayar da gurbi na 1, alhali 3 na can ƙarshe. A shimfiɗaɗɗen wuri kwatancen makwabci ba ya nuna gabas ko yamma. Zan koma kansa in an kawo wuta, don ba zan sake biyan ɗari uku a makon nan ba.