Abin da baƙin lalle ya yi min a kai

Har yanzu in na taɓa bayan kunnena na ji tabon nan sai raina ya ɓaci, don wallahi da hannuna na jawo wa kaina. Furfura ce ta fara cika min gaban goshi, ni kuma na daɗe ina sa jan lalle a gashi, to amma kun san yadda yake mayar da furfura, ja jawur kamar gemun dattijo. Sai aka ce in na bi shi da garin ganyen baba zai koma baƙi. Na shiga kasuwa neman baba, mai shagon ya ce babu amma ga wanda ya fi shi, ya miƙo min wani ɗan kwali da hoton ganye a jiki, ya ce Hajiya wannan lalle da baba ne a haɗe, minti 20 kin gama.

Wannan minti 20 ɗin shi ya kamata ya tsayar da ni. Ni da na san lalle sai an kwaɓa an bar shi ya tsima na wasu awanni, a sa shi ya yi awa 3 ko 4 a kai, ta yaya ganye zai yi baƙi wuluk a minti 20? Garin ma da na buɗe ba kore ba ne, baƙi-baƙi ne kamar toka, babu ƙamshin harawa irin na lalle, ina zuba ruwa kwanon ya yi baƙi nan take. Duk na gani, amma ɗoki ya hana ni tunani, ban ko gwada a fata ba na lafta.

Ranar gashi ya yi kyau, ba ƙarya. Washegari da daddare ƙaiƙayi ya fara, kwana biyu goshina ya kumbura, idona ɗaya da ƙyar yake buɗewa, bayan kunne da ƙeya duk ƙuraje masu ruwa, filo yana manne min. A asibiti likita ta ce in kawo kwalin, ta juya bayansa ta nuna min wani ƙaramin rubutu, p-Phenylenediamine, wanda ake taƙaitawa PPD, sinadarin rinin gashi ne. Ta tambaye ni ko na taɓa yin baƙin dayis a hannu ya yi min ƙaiƙayi, na ce ƙwarai, a bikin ƙanwata zanen ya tashi ya yi burdi-burdi har sati biyu, na ɗauka ba komai. Ta ce to tun lokacin jikinki ya riƙe shi, kuma ba ya mantawa, duk ranar da ya sake haɗuwa da shi abin zai iya fin na baya muni. Wato ni da duk wani rini mai PPD mun rabu har abada. Ta ce da numfashi ya fara yi min wuya ko harshe ya kumbura, wannan ba a jira gari ya waye.

Sai bayan wata huɗu, da fatar ta warke sarai, na samu baba na gaskiya. Garin ganye ne kore, in kin kwaɓa da ruwan ɗumi kin bar shi kamar minti 10 za ki ga samansa ya yi shuɗi-shuɗi yana ƙyalli. Ba shunin marina ba fa, wancan na tufafi ne, da toka ake haɗa shi. Wannan karon na ɗiga kaɗan a cikin gwiwar hannu, na wanke, na jira kwana 2 cur, don irin wannan ƙaiƙayin ba lallai ne ya fito a ranar ba. Lallen ma na gwada shi daban.

Na fara sa lalle zalla gram 100, ya yi awa 3 na wanke da ruwa kawai. Washegari na kwaɓa baba gram 100 da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ban sa lemon tsami ba don tsami yana kashe shi, kuma ba a ajiye kwaɓinsa, yana yin shuɗin nan ake sawa. Na ɗaure da leda awa 2. Da na wanke sai na ga gaban goshi da ɗan kore-kore, gabana ya faɗi, amma kafin kwana biyu ya rufe ya zama baƙi mai kyau. Baba shi kaɗai a kan furfura kuwa shuɗi ko kore yake bayarwa, jan lallen ne yake riƙe masa ƙasa.

Kwana biyu na ɗauka maimakon minti 20, kuma kaina lafiya lau. Abin da yake ci min rai shi ne yara, ranar sallah na ga ’yar maƙwabciyata mai shekara 6 hannunta shar da baƙin dayis, na je har gida na nuna wa uwarta bayan kunnena, na ce Maman yara dan Allah a bar ta da jan lalle.