Takardar da ke rakiyar daftarin kasafi: abin da kwamiti ke son gani a shafin farko

Daftarin kasafin shekara kan kai shafi goma ko fiye, amma a zaman kwamitin gudanarwa mafi yawan mambobi shafi ɗaya suke karantawa, wato takardar da jami'in kuɗi ya ɗora a sama. Abin da bai shiga cikinta ba, da wuya a tattauna shi. Shi ya sa aikin takardar ba maimaita jadawali ba ne. Aikinta ta gaya wa kwamiti abin da ake so ya yanke, da kuma inda lissafin yake tsaye da ƙafa ɗaya.

Mu ɗauki misalin da aka tsara don bayani: haɗakar manoma a yankin Maraɗi mai sayen wake da kaka, ta adana, ta sayar idan ya yi daraja. Shekarar kuɗinta daga 1 ga Janairu ce zuwa 31 ga Disamba. Daftari ya nuna kuɗin shiga miliyan 48 na sefa, na fita miliyan 46 da rabi. Sabon kontabul zai rubuta cewa kasafi ya daidaita, har da rarar miliyan ɗaya da rabi, ya sa hannu. Bai yi ƙarya ba, amma ya bar kwamiti cikin duhu.

Sai an warware miliyan 48 ɗin ake ganin abin da ke ciki. Miliyan 27 daga sayar da buhu 900 ne a kan jika 30, wato sefa 30.000, kowane buhu. Miliyan 12 tallafi ne da aka riga aka sa hannu a yarjejeniyarsa. Miliyan 5 wani mai tallafi ne ya yi alkawari da baki a wurin taro, babu takarda. Miliyan 4 kuma kuɗin da mambobi ke zubawa ne. Waɗannan huɗun ba nauyinsu ɗaya ba, kuma takardar rakiya ce wurin faɗin haka ƙarara. Idan aka cire alkawarin baki, rarar ta koma giɓin miliyan 3 da rabi. Idan bara ma miliyan 4 aka rubuta wa mambobi amma miliyan 2 da jika 600 suka shigo, to babu dalilin zaton bana za ta canza sai in an ɗauki wani mataki, giɓin kuma ya doshi miliyan 5. Saboda haka kowane babban layi a sa masa lamba uku a jere: abin da aka tsara bara, abin da ya shigo ko ya fita da gaske, da abin da ake nema bana. Lambar tsakiya ce ke tona asiri, ita ce kuma aka fi mantawa.

Farashin buhu ma zato ne, kuma dole a kira shi da sunansa. Jimla ɗaya ta isa: duk faɗuwar jika 2 a buhu tana cinye miliyan ɗaya da jika 800, fiye da rarar gaba ɗaya. Manomin da ke kwamiti ya fi kontabul sanin kasuwar wake, da ya ji wannan jimlar shi zai ce ko jika 30 ta yi yawa. Haka nan a faɗi buhu nawa aka ɗebe wa ƙwaro, don waken da ba a zuba a buhu mai linki uku ba, ko aka zuba amma ledar ta huje, ba ya fitowa daga sito yadda ya shiga.

Maganar canji ta shafi Maraɗi musamman. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655,957, don haka tallafin da ke zuwa da yuro ba ya girgiza lissafi. Naira kuwa tana hawa da sauka, kuma ƴan kasuwar da ke ɗaukar wake su bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da naira suke lissafin ribarsu. Idan naira ta faɗi, tayinsu ma faɗuwa yake. Takarda ta ambaci canjin da aka yi amfani da shi da ranar da aka ɗauke shi.

A ɓangaren kashewa, albashi ne ke yaudara. Ma'aikata huɗu a kan jika 150 kowanne, miliyan 7 da jika 200 ke nan a shekara. Amma akwai kason da mai aiki ke biya wa CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, kashi 16,4 cikin ɗari, daban da kashi 5,25 da ake cirewa a albashin ma'aikaci. A nan ya kai sefa 1.180.800. Wanda ya manta shi ya kusa cinye rararsa tun ba a fara shekara ba.

Sai abin da ya fi duka cizo, wanda jimillar shekara ba ta nunawa sam: lokacin shigowar kuɗi. A ce an shiga Janairu da miliyan 2 a banki, ana kashe miliyan ɗaya da jika 300 kowane wata a albashi, haya, wuta da mai. Wake ba za a taɓa shi ba sai wajen Mayu. Kason farko na tallafi kuma sai Afrilu, bayan an karɓi rahoton bara. Ƙarshen Fabrairu asusu ya gaza da jika 600, ƙarshen Maris da miliyan ɗaya da jika 900. Ga arziki jibge a sito, ga ma'aikata babu albashi. Alamar haɗakar da ba ta hango wannan ba ita ce ka ga ana fidda buhuna a Maris ana sayarwa da araha ba tare da kwamiti ya zauna ba, ko a taɓa kuɗin mai tallafi da niyyar mayarwa, wanda shi ne abin da mai bincike ke fara kamawa. Takarda ta kawo mafita biyu ko uku da tsadar kowacce: a sayar da buhu 80 da wuri a yi asarar bambancin farashi, ko a ci bashin wata uku a jingine hajar sito, ko a roƙi mai tallafi ya gaggauta. Jami'in kuɗi ya faɗi wadda ya fi so da dalilinsa. Zaɓi na kwamiti ne, amma ɓoye ra'ayi ba tawali'u ba ne.

Ga yadda buɗewar za ta iya kasancewa: "Ranka ya daɗe shugaba, mambobin kwamiti masu girma. Ina gabatar muku da daftarin kasafin shekara mai zuwa. Kuɗin da muke da tabbacinsu ba su kai abin da za mu kashe ba da kusan miliyan 5, kuma asusu zai bushe a Fabrairu da Maris. Ina neman ku yanke abu uku: farashin buhu da za mu yi lissafi da shi, hanyar cike giɓin wata biyun, da dakatar da sayen sabon babur har sai an sa hannu a tallafi na biyu."

Sau da yawa da Faransanci ake rubuta takardar, a karanta ta da Hausa a zaure, kuma nan ake tuntuɓe. Mutanenmu da dala suke ƙirga ƙananan kuɗi, sefa 100 dala ashirin ce, sefa 1.000 jika ɗaya. Mai karatu ya ce "dubu talatin" yana nufin jika 30, wani dattijo ya ninka biyar a zuciyarsa. A shirya fassarar lambobin tun a biro, a tsaya kan jika da miliyan kawai. Takardar kuma ta isa hannun mambobi kamar mako guda kafin zama, ɗauke da kwanan wata da lambar daftari, don in an gyara farashin buhu aka sake bugawa, kada rabin kwamiti ya zo da tsohon kwafi.